Ka jera lokuta a bayanin bidiyo amma babi-babi bai fito a YouTube ba? Ga yadda ake gano matsalar

Tambayar nan ta yi ta zuwa mini, kuma kusan da kalmomi iri ɗaya: na rubuta lokutan a ƙarƙashin bidiyo, sun zama shuɗi, idan na taɓa su suna kai ni wurin, amma jan layin da ke ƙasan bidiyon bai yanku gida-gida ba kamar yadda nake gani a tashoshin wasu. Kafin mu shiga matakan, a riƙe abu ɗaya. Lokaci ya zama shuɗi daban, babi ya fito a kan layi daban. Kusan duk lambar da ta yi kama da lokaci, muddin tana cikin tsawon bidiyon, YouTube zai mayar da ita abin taɓawa. Babi kuwa sai jerin gaba ɗayansa ya cika sharuɗɗa. Layi ɗaya ya kuskure, duka jerin ya faɗi, kuma babu wani saƙo da zai fito ya ce maka ga inda ka yi kuskure. Za ka danna Save, ya karɓa lafiya lau, ya yi shiru.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Ba ka buƙatar sake ɗora bidiyon, ba ka buƙatar wata manhajar kuɗi. Abin da za ka tanada shi ne waya ko kwamfutar da tasharka ke kai, 'yar data, manhajar rubutu irin ta ajiye bayani a waya, da wayar wani a kusa don gwaji.

Zan yi aiki da misali ɗaya har ƙarshe. Ɗan yayata ne ke ɗora karatun da malaminsu ke yi duk Asabar. Wata rana da daddare ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, duba mini wannan. Sau uku ina gyarawa, ya ƙi." Tsawon bidiyon minti 47 da sakan 20, ga kuma abin da ya rubuta a bayaninsa:

```
Ana farawa 4:30 na yamma
00:12 Addu'ar buɗewa
02.40 Maimaicin makon jiya
09:15 Samarin kogo (18:10)
09:21 Karatun ayoyi
31:05 Tambayoyi
24:50 Darussa
47:14 Rufewa
```

A ido jerin ya yi kyau. Amma kurakurai bakwai ne kwance a cikin layuka takwas ɗin nan.

1. Kwafe bayanin ka ajiye tukuna

Buɗe YouTube Studio. A kwamfuta ka shiga studio.youtube.com, ka danna Content a gefen hagu, ka zaɓi bidiyon, za ka ga akwatin Description. A waya kuma ka buɗe manhajar Studio, ka taɓa Content, ka zaɓi bidiyon, ka taɓa alamar fensir. Kwafe duk abin da ke cikin akwatin ka liƙa a manhajar rubutu.

Gargaɗi: akwatin nan ba ya ajiye tsohon rubutu. Da ka goge ka danna Save, shi ke nan ya tafi. Tunda a mataki na 7 za mu share bayanin gaba ɗaya don gwaji, kada ka tsallake wannan.

A nan kuma ka tabbatar cewa a cikin Description jerin yake. Mutane da yawa a wurin sharhi suke rubuta lokutan, su maƙale sharhin a sama. Lokutan za su yi shuɗi, za su taɓu, amma daga sharhi babi ba ya fitowa ko da mai tashar ne ya rubuta.

2. Lokacin farko dole ya zama sifili

Wannan shi ne sharaɗin da ya fi kayar da mutane. Lokacin farko a jerin sai ya kasance `0:00` ko `00:00`, duka biyun suna aiki. `0:01` ba ya aiki, `0:05` ba ya aiki. Dalilin a fili yake: babi-babi yanka layin yake yi daga farkonsa zuwa ƙarshensa, kowane babi ya fara daga lokacinsa ya ƙare inda na gaba ya fara. Idan na farko bai fara daga sifili ba, an bar wani yanki a farkon bidiyo da ba shi da suna.

Yaron nan ya fara da `00:12` saboda sakan goma sha biyun farko hoton sunan makaranta ne kawai, addu'ar ba ta fara ba. Gaskiya ya faɗa, amma na'ura ba ruwanta da wannan gaskiyar. Mafita biyu ce. Ko dai ka mayar da addu'ar `0:00` ka bar hoton ya shige cikinta, ko ka ƙara layi a sama, `0:00 Shimfiɗa`, addu'ar ta zauna a `0:12`. Ni na fi son ta farko, don babin da ba komai a cikinsa sai tambari ba ya amfanar mai kallo.

Gargaɗi: idan ka zaɓi hanya ta biyu, ka auna tsawon shimfiɗar. Tasa sakan 12 ce, ta tsallake. Da sakan 8 ce, da ka gyara kuskure ɗaya ka haifi wani, kamar yadda za ka gani a mataki na 5.

3. Nemo lambobin da suka yi shigar lokaci

A nan zan ɗan daɗe, domin shi ne wanda ido ba ya kamawa, kuma ya fi samun masu ɗora karatu da wa'azi da sanarwar taro.

Dubi layin farko na bayanin: "Ana farawa 4:30 na yamma". Kai da ni mun san agogo ake nufi, bayan la'asar. Na'ura kuwa abin da ta gani shi ne lamba, ruwa biyu, lambobi biyu, wato minti 4 da sakan 30 na bidiyon. Kuma ga shi ya zo a saman jerin. To ko da ka gyara `00:12` ya koma `0:00`, lokacin farko da ke cikin bayanin ba sifili ba ne, `4:30` ne.

Haka nan `18:10` da ke gaban "Samarin kogo". Shi Suratul Kahfi yake nufi, sura ta 18 aya ta 10, inda samarin suka fake a kogo suka roƙi rahamar Ubangijinsu. Haka ake rubuta sura da aya a littattafai da yawa, kuma masu kawo ayoyin Littafi Mai Tsarki ma haka suke yi da sura da aya. Amma a bidiyon da ya kai minti 47, `18:10` lokaci ne sosai. Layi ɗaya ya ɗauki lokuta biyu ke nan, kuma `09:21` da ke biye da shi ya zama kamar an koma baya.

Yadda za ka kama su abu ne mai sauƙi. Buɗe bidiyon kamar mai kallo, ka buɗe bayanin gaba ɗaya, ka bi shi daga sama har ƙasa kana neman duk lambar da ta zama shuɗiya. Wadda ta yi shuɗi alhali ba babi ba ce, ka canza mata kama. Rubuta "ƙarfe huɗu da rabi na yamma" da kalmomi. Rubuta "sura ta 18, aya ta 10". Mai karatu bai rasa komai ba, hasali ma ya fi fahimta.

Gargaɗi: ka duba har can ƙasan bayanin, musamman idan kana da rubutun da ke shiga kowane bidiyo da kansa daga Upload defaults. A can ne jadawalin karatu da lokutan buɗe shago ke ɓuya, an rubuta su tun bara an manta. Kuma idan ka taɓa liƙa jerin sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka goge ɗaya.

4. Duba yadda aka rubuta kowane lokaci

Wannan binciken kishiyar na baya ne. Yanzu kana neman lokacin da ya kamata ya yi shuɗi amma ya zauna baƙi. A jerin yaron, `02.40` ne. Ɗigo ɗaya ya sa a tsakani maimakon ruwa biyu. A ƙaramin allon waya, da daddare, wa zai lura? Waƙafi mai ruwa ma yana shigowa haka, don a allon rubutun kwamfuta maɓalli ɗaya yake rabawa da ruwa biyu.

Tsarin da ba ya ba da matsala shi ne lokaci a farkon layi, tazara ɗaya, sannan sunan babin, kowane babi a layinsa. Sakan kullum lambobi biyu ne, `2:05` ba `2:5` ba. Kada a bar tazara a tsakiyar lokacin kamar `2: 40`, kada kuma a manne lokacin da sunan kamar `2:40Maimaici`. Sifili ya zama sifili na lamba, ba harafin O ba. Kowane lokaci kuma ka ba shi suna, kada ka bar shi tsirara. Idan kana sauya allon rubutu tsakanin Larabci da boko, ka rubuta lokutan da lambobin da kake gani a agogon bidiyon, ka kuma fara layin da su kafin ka juya zuwa Larabci, saboda rubutun da ke tafiya daga dama yakan juya tsarin layi a ido har ka kasa gane me ke gaba me ke baya.

Bidiyon da ya wuce awa ɗaya, ka rubuta lokacin kamar yadda agogon bidiyon ke nuna shi: `1:05:30`. Wanda bai kai awa ba a cikin jerin ka bar shi da minti da sakan.

Akwai wani tarko ga masu tace bidiyo a kwamfuta. Manhajojin tacewa suna nuna lokaci gida huɗu, awa, minti, sakan, da lambar hoton da ke cikin sakan ɗin, kamar `00:02:40:12`. Gida na huɗun nan ba shi da wuri a bayanin YouTube, ka yanke shi. Masu aiki da DaVinci Resolve su ƙara kula, domin layin aikinsa daga `01:00:00:00` yake farawa idan ba a canza ba. Alamar da ka sa a minti 2 da sakan 40 za ta fito maka `01:02:40:00`. Ka kwafe haka ka liƙa, ka ce wa YouTube babin yana bayan awa ɗaya ke nan, a bidiyon da bai kai awa ba.

Gargaɗi: rubutun da aka kwaso daga WhatsApp ko daga wata takarda yakan zo da wasu alamomi da suka yi kama da ruwa biyu ko tazara amma ba su ba ne. Idan layi ya yi daidai a idonka amma ya ƙi yin shuɗi, kada ka tsaya gardama da shi. Goge lokacin ka sake buga shi da hannunka.

5. Ƙidaya, jeri, da sakan goma

Sharuɗɗa uku ne suka rage a rubutun. Babi ya kai uku aƙalla, har da na `0:00`. Lokutan su riƙa hawa daga ƙarami zuwa babba. Kowane babi kuma kada ya gaza sakan 10.

Na ƙidaya ba ya buƙatar bayani, sai dai a tuna cewa layin da na'ura ba ta karanta ba, ba ya cikin lissafi. Wanda ya rubuta uku cif, ɗaya da ɗigo a tsakiya, biyu yake da su.

Na jeri kuwa, a misalinmu `31:05` ya riga `24:50`. Abin da ya faru shi ne ya gama rubutawa sannan ya tuna da "Darussa", sai ya soka shi inda ya samu. Ka sa yatsa ka bi lambobin kawai, ba tare da karanta sunayen ba. Da ka fara karanta sunaye hankalinka zai tafi kan ma'ana ya bar lissafi. Lokaci ɗaya da aka maimaita sau biyu shi ma kuskure ne, babi ne mai tsawon sifili.

Sakan goma shi ne mai buƙatar ɗan lissafi. Tsawon babi shi ne lokacin na gaba a cire nasa. Daga `09:15` zuwa `09:21` sakan 6 ne, ya gaza. Malam ya ambaci sunan labarin ne kawai ya zarce karatu, don haka muka haɗe layukan biyu suka zama babi ɗaya.

Sai wanda kowa ke mantawa, babin ƙarshe. Shi ba shi da na gaba, don haka da ƙarshen bidiyon ake auna shi. Daga `47:14` zuwa `47:20` sakan 6 ne. Na ce masa, "Kai, a nan ne malam ya fara addu'ar rufewa?" Ya ce, "A'a Kawu, a nan ya yi sallama." Muka ja bidiyon baya, muka tarar addu'ar ta fara a `46:30`. Sakan 50 ke nan, ta wuce.

Gargaɗi: kada ka tsaya a kan sakan 10 cif, musamman a babin ƙarshe. Tsawon da kake gani a allo an daidaita shi ne zuwa cikakken sakan, ainihinsa yana iya gazawa da ɗan abin da ba ka gani. Ka bar sakan 15 ko fiye, ka huta. Lokacin da ya wuce tsawon bidiyon kuwa ko shuɗi ba zai yi ba.

Ga jerin bayan gyara:

```
0:00 Addu'ar buɗewa
2:40 Maimaicin makon jiya
9:15 Samarin kogo da karatun ayoyi
24:50 Darussa
31:05 Tambayoyi
46:30 Addu'ar rufewa
```

Sanarwar "ƙarfe huɗu da rabi" da bayanin sura da aya muka mayar da su sama da jerin, da kalmomi. Jerin ba sai ya zo a layin farko na bayani ba, ana iya gabatar da rubutu kafinsa.

6. Ajiye, sannan ka duba a wurin da ya dace

Danna Save ka tabbatar ya karɓa. A waya, idan sabis ya yi rauni, mutum yakan fita daga shafin yana zaton an ajiye. Koma ciki ka ga ko sabon rubutun ne ke wurin.

Kada ka yanke hukunci daga ƙaramin bidiyon da ke cikin Studio. Buɗe bidiyon a YouTube kansa, ka sabunta shafin. A kwamfuta za ka ga 'yan tsage a jikin layin, sunan babin da ake ciki kuma yana kusa da agogo. A waya sai ka taɓa fuskar bidiyon layin ya bayyana, kuma ya fi ganuwa idan ka kwantar da wayar bidiyon ya cika allo. A bidiyo mai tsawo, gajeren babi a ƙaramin allo ɗan tsinke ne kawai, yana iya kasancewa yana nan ba ka gan shi ba.

Yawanci abin ba ya ɗaukar lokaci. Idan wayarka ta ci gaba da nuna tsohon layi, rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗewa, ko ka duba a wayar wani. Namu a wayata ya fara fitowa, tasa tana nan riƙe da tsohon har sai da ya rufe ya buɗe.

Gargaɗi: idan ka ga babi-babi amma sunayen ba naka ba ne, na atomatik ne. YouTube yana iya yanka bidiyo da kansa idan an bar alamar Allow automatic chapters a kunne, wadda ke ƙarƙashin Show more a shafin bidiyon. Jerin da ka rubuta da hannu shi ke da rinjaye a kan na atomatik. Saboda haka ganin baƙin sunaye alama ce cewa naka bai karɓu ba, ka koma mataki na 2. Kashe wannan alamar ko kunna ta ba ya gyara jerin da ke da kuskure.

7. Gwajin layi uku

Ka bi duk na sama amma shiru? Kafin ka ci gaba da zare ido a kan lambobi, raba gardama: rubutun ne ko tashar? Tunda ka riga ka ajiye kwafi, share bayanin duka ka buga wannan da hannu:

```
0:00 Farko
1:00 Tsakiya
2:00 Ƙarshe
```

Bidiyon ya kasance ya haura minti biyu da rabi. Ajiye ka duba. Idan tsagen sun fito, tasharka lafiya take, cutar na cikin tsohon rubutun. Sai ka dawo da shi kashi-kashi: jerin kaɗai tukuna, ka duba, sannan rubutun sama, sannan na ƙasa. Inda babin ya ɓace, nan ɓarawon yake. Idan kuma jerin ne da kansa, ka sa rabinsa na farko ka gwada, sannan ka ƙara sauran. Jeri mai layi 30 ma ba zai kai ka gwaji da yawa ba ta wannan hanya.

Idan kuwa layi ukun nan masu tsabta ba su fito ba, bar rubutu haka. Ka gwada su a wani bidiyon naka. Sun fito a can, matsalar ta bidiyon farko ce, ka je mataki na 9. Ba su fito a ko'ina ba, ta tashar ce.

8. Matakin da tasharka take

YouTube ya kasa damar tashoshi gida uku: Standard features, Intermediate features da Advanced features. Babi-babi na hannu yana tare da na ukun. Sabuwar tasha da yawa a nan take tsayawa, mai ita yana ta gyaran lambobin da ba su da laifi.

Don ka duba, shiga studio.youtube.com, danna Settings, sannan Channel, sannan Feature eligibility. A waya ka buɗe adireshin a burauza ka zaɓi Desktop site don shafin ya fito irin na kwamfuta. Kowane mataki zai nuna ko a buɗe yake.

Na biyu da lambar waya ake buɗe shi, a turo maka lambobin tabbatarwa ka shigar. Na uku yana buƙatar na biyu tukuna, sannan ɗaya daga hanyoyi uku: ɗan gajeren bidiyon fuskarka da za ka ɗauka da waya, ko hoton katin shaida na hukuma, ko tarihin tasha, wato ka ci gaba da ɗora bidiyo kana bin ƙa'ida har ta buɗe da kanta. Hanyoyi biyun farko sun fi sauri, kuma mai tashar ne da kansa zai yi, ba wanda aka ba izinin taya shi ɗorawa ba. Wannan ya shafi irin su ɗan yayata, da ke kula da tashar da aka buɗe da imel ɗin wani.

Za ka ji ana cewa sai tasha ta kai mabiya 1,000 babi ke fitowa. Adadin mabiya ba ya cikin sharuɗɗan da YouTube ya jera na babi-babi. Abin da ke rikita mutane shi ne tashar da ta kai wannan adadin galibi ta daɗe har matakin nan na uku ya buɗe mata.

Gargaɗi: tabbatarwar nan kyauta ce, kuma a cikin Studio kaɗai ake yin ta. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi, ko kalmar sirri, ko lambobin da aka aiko wa wayarka don ya buɗe maka, tasharka yake nema. Kuma lambar waya ɗaya tashoshi biyu kawai take iya tabbatarwa a shekara, don haka kada ka yi ta ara wa abokai taka.

Abu na biyu a nan shi ne hukunci. Tashar da ke da strike, wato hukuncin karya ƙa'idar YouTube, wanda wa'adinsa bai cika ba, ba ta samun babi-babi. Idan akwai, za ka gan shi a Dashboard na Studio. Irin wannan hukunci kwana 90 yake yi, kuma na haƙƙin mallaka sai an kammala ɗan darasin Copyright School kafin ya sauka. Kada ka rikita shi da da'awar Content ID, wadda ke zuwa idan na'ura ta ji waƙar wani a bidiyonka. Ita da'awa ce, ba strike ba ce. Idan hukunci ne ya hana ka, bar jerin a bayanin yadda yake. Masu kallo za su ci gaba da taɓa shuɗayen lokutan kafin wa'adin ya cika. Goge bidiyon da ya jawo hukuncin ba ya ɗage shi.

9. Idan bidiyon ne kansa

Bidiyon da aka ga bai dace da wasu masu kallo ba, YouTube ya faɗa cewa ba ya samun babi-babi. Ka duba jerin bidiyoyinka a Content ka ga ko an rubuta wata iyakancewa a gaban wannan, kamar ta shekaru.

Shorts ba su da babi. Tun 15 ga Oktoba 2024, bidiyon tsaye ko mai murabba'i da bai wuce minti 3 ba a cikin Shorts yake faɗawa, ko da ba ka nufa ba. Wanda ya ɗauki gajeren bayani na minti biyu da rabi da waya a tsaye, ya jera masa lokuta, aikin banza ya yi.

Shirin kai tsaye kuwa sai an gama shi, an kammala sarrafa ajiyayyen bidiyon, sannan jerin zai yi aiki. Ka jira bidiyon ya daidaita kafin ka ɗebi lokutan, ka kuma ɗebe su daga agogon ajiyayyen bidiyon, ba daga agogon bangon masallaci ko ɗakin taro ba.

Na ƙarshe shi ne yanka. Idan ka shiga Editor na Studio ka datse wani yanki bayan ka riga ka rubuta jerin, ka koma ka sake bin lokutan da kanka. A ce yaron nan ya datse minti ɗaya daga farkon karatun, bidiyon ya koma 46:20. Layin `46:30` ya faɗa wajen bidiyon ke nan, sauran kuma kowanne sai a rage masa minti ɗaya, ban da `0:00`. Ka fara yanka, ka jira sabon tsawon ya bayyana a shafin kallo, sannan ka rubuta lokuta.

Gargaɗi: duk abin da ya faru, kada ka goge bidiyon ka sake ɗorawa da sunan gyara babi. Za ka ƙone datar ɗora minti 47, ka rasa masu kallon da aka ƙirga maka da sharhin da aka yi, adireshin da aka riga aka yaɗa a zaurukan WhatsApp ya mutu. Sannan ka liƙa tsohon bayanin nan a sabon bidiyo, da `4:30` ɗinsa a sama.